Muhawara: an tura haɗin da ya ɓata lissafi zuwa `main`, ta yaya za a warware shi ba tare da an goge tarihi ba?

Ɗan Yantala:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Mu huɗu ne a nan Yamai muke aiki a kan manhajar da ke fitar wa wani kantin sari takardun faktir, kuma dukanmu reshen `main` muke turawa aiki. Ranar Alhamis aka haɗe wani reshe mai suna `tva` a cikin `main`, reshe ne mai komit bakwai da ya sake tsarin lissafin haraji, aka tura shi, sannan abokan aiki suka ɗora komit uku a kansa. Yau mai kanti ya kira ya ce kayan sefa 10,000 da ya kamata su fita 11,900 da harajin kashi 19 cikin ɗari suna fita 14,161, wato ana ɗora harajin sau biyu. Wanda ya rubuta reshen yana kan hanyar Tawa, wayarsa ba ta shiga, kuma ba mu gano wane komit ne cikin bakwan ya jawo wannan ba. Na gwada warware haɗin gaba ɗaya, sai Git ya ƙi:

```
$ git revert 9f3c2ab
error: commit 9f3c2ab... is a merge but no -m option was given.
fatal: revert failed
```

Na ga ana cewa a ƙara `-m 1`, amma ba na son in buga abin da ban fahimta ba a kan reshen da kowa ke jawowa. Mece ce wannan lamba take nufi, kuma me zai biyo baya idan muka zo mayar da aikin bayan an gyara shi?

Auta:
Wa alaikumus salam, Yaya. Mu a makaranta an nuna mana cewa idan haɗi ya lalace `git merge --abort` ake yi, idan kuma an riga an yi komit sai a yi `git reset --hard` zuwa komit ɗin da ke gabanin haɗin, a tura da `--force`. A ganina wannan ya fi sauƙi, kuma tarihi zai fita tas kamar ba a taɓa yin haɗin ba.

Malam na Tawa:
Auta, sake karanta tambayar da kyau. Umarni na farko da ka kawo yana aiki ne kawai a lokacin da haɗin yake tsaye a tsakiya, ba a kammala shi ba, shi kuwa wannan an kammala shi tun Alhamis. Na biyun ma na wanda kuskurensa bai bar na'urarsa ba ne. A nan akwai komit uku na wasu mutane a saman haɗin, kuma idan aka ja `main` baya da ƙarfi, su ma za su fita daga reshen tare da shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne, sauran mutum ukun kowa yana da tsohon tarihin a na'urarsa, don haka duk wanda ya yi `git pull` ya sake turawa ba tare da ya san abin da aka yi ba, zai iya dawo da haɗin nan daram, a wayi gari faktir ta koma 14,161 babu wanda ya san ta inda aka bi.

Ɗan Yantala, amsar tambayarka gajera ce. Komit na haɗi uwa biyu gare shi, ta ɗaya ita ce `main`, ta biyu ita ce reshen da aka shigo da shi. Ka buga `git revert -m 1 9f3c2ab`, ka tura, magana ta ƙare. Kullum 1 ake sawa.

Hajiya Injiniya:
Malam, abin da kuka faɗa wa Auta daidai ne, kuma mai yiwuwa umarnin da kuka ba Ɗan Yantala shi ne zai buga a ƙarshe. Inda ban yarda ba shi ne kalmar "kullum", domin Git ba ya ajiye sunan reshe a jikin iyayen komit. Uwa ta ɗaya ita ce komit ɗin da mai haɗin yake tsaye a kai a lokacin da ya buga umarnin, uwa ta biyu kuma ita ce abin da ya jawo ya shigo da shi. Idan mutum yana kan `main` ya buga `git merge tva`, ko ya danna maɓallin haɗewa a GitHub ko GitLab, to uwa ta ɗaya tsohon kan `main` ce, kamar yadda kuka ce. Idan ta wata hanya aka bi, lambobin suna iya juyewa.

Dalilin da ya sa Git ya tsaya ya tambaya shi ne, warware komit na nufin a auna bambancin da ke tsakaninsa da uwarsa, sannan a yi sabon komit mai kishiyar wannan bambanci. Komit na yau da kullum uwa ɗaya gare shi, babu abin tambaya. Shi kuwa haɗi bambanci biyu yake ɗauke da su: idan ka auna shi da uwa ta ɗaya za ka ga duk abin da reshen `tva` ya kawo, idan ka auna shi da uwa ta biyu za ka ga duk abin da aka yi a `main` tun ranar da reshen ya rabu da shi. Lambar da kake ba `-m` ita ce ta ɓangaren da kake so ya zauna, ba ta wanda kake so ya tafi ba. Nan ne mutane da dama suke rikicewa, su ce tunda reshen banza shi ne na biyu bari su sa 2, su share aikin kowa su bar ɓarnar a wurinta.

Ƙanena, kafin ka buga komai, ka turo mana abin da waɗannan suka nuna:

```
git show --no-patch 9f3c2ab
git log --oneline --graph -15 main
git diff --stat 9f3c2ab^1 9f3c2ab
```

Na ƙarshen shi ne mai muhimmanci, domin jerin fishiyoyin da zai nuna maka su ne ainihin abin da `-m 1` zai cire.

Ɗan Yantala:
Na gode, Hajiya. Na farkon ya nuna layin nan a ƙarƙashin lambar komit:

```
Merge: 4d1e7a0 b82c915
```

Na duba, `4d1e7a0` gyaran shafin shiga ne da wata abokiyar aikinmu ta yi a `main` ranar Laraba, `b82c915` kuwa shi ne komit na ƙarshe a reshen `tva`. Siffar tarihin a taƙaice haka take, inda B ne wurin da reshen ya rabu, P ne `4d1e7a0`, M ne haɗin, X da Y da Z kuma su ne komit ukun da aka ɗora a kansa:

```
B---o---P---M---X---Y---Z   main
 \         /
  c1-...-c7                 tva
```

Umarni na uku ya nuna fishiye biyar: `facture.py`, `taxes.py`, `outils.py` wanda sabo ne, fishiyen gwaji guda, da wani a cikin `migrations`. Dukansu na aikin haraji ne, babu na kowa a ciki.

Hajiya Injiniya:
To a wurinku 1 ce. Kada ka yi a kan `main` kai tsaye, ka buɗe ɗan reshe na wucin gadi daga inda `main` na sabar yake yanzu, domin idan abin ya cuɗe ka watsar da shi babu wanda ya ji:

```
git fetch origin
git switch -c retrait-tva origin/main
git revert -m 1 9f3c2ab
```

Idan babu cin karo, edita zai buɗe da saƙon da Git ya shirya, kuma a cikinsa za ka ga "This reverts commit 9f3c2ab…, reversing changes made to 4d1e7a0…". Ka tsaya ka karanta lamba ta biyun nan, ita ce shaidar ƙarshe cewa ɓangaren da ya dace ka riƙe. Sannan ka ƙara layi biyu da hannunka, ka faɗi dalilin warwarewar, ka kuma rubuta cewa duk wanda zai mayar da reshen `tva` sai ya fara warware wannan komit tukuna. Zan yi bayanin dalilin idan ka gama wannan mataki.

Ƴar Dogondutsi:
Kafin ya dawo, bari in ba da labarin da ke goyon bayan Hajiya a kan maganar lamba, tunda a gabana aka yi. A wani wurin da na yi aiki, wani yaro ya yi komit biyu a kan `main` na na'urarsa, ya zo turawa aka ƙi karɓa saboda wasu sun riga shi, sai ya yi `git pull`. Git ya yi masa komit na haɗi mai saƙon da ya fara da "Merge branch 'main' of", ya tura, aka wuce. Da aka gano komit biyunsa ne suka hana manhajar tashi, shugaban aikin ya warware wannan haɗi da `-m 1` bisa al'ada. Abin da ya fita daga `main` shi ne aikin mutum uku na mako guda, komit biyun yaron kuwa suna nan ba abin da ya same su, domin a wannan haɗi shi ne uwa ta ɗaya, `main` na sabar shi ne uwa ta biyu. Babu abin da ya salwanta, an warware warwarewar aka dawo da komai, amma an yi yini guda ana neman abin da ya faru.

Malam na Tawa:
Na karɓi wannan, kuma na janye "kullum". Sai dai a irin labarinki, Malama, ni ba zan taɓa haɗin ba ma, ko da 1 ko da 2. Komit biyu ne kacal, an san su, sai a warware su ɗaya bayan ɗaya, a fara da na baya-bayan nan. Wannan ne ma ya sa nake da ja a kan aikin Ɗan Yantala. Komit bakwai ne, mai yiwuwa layi ɗaya ne a cikin ɗaya daga cikinsu ya ɗora harajin sau biyu. Da `git bisect` tsakanin B da c7, gwaji uku ya isa a kama shi. Me zai sa a rushe aikin gaba ɗaya saboda layi guda, a kuma ɗauko wahalar mayar da shi daga baya?

Hajiya Injiniya:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Malam, kuma ita ce shawarar da ke cikin takardar da ke tare da Git kanta, `howto/revert-a-faulty-merge`, wadda ta samo asali daga bayanin Linus Torvalds da Junio Hamano a shekarar 2008: idan za ka iya gano komit ɗin da ya kawo matsalar ka gyara shi ko ka warware shi shi kaɗai, ya fi warware haɗi dungurungum. Amma hakan na bukatar komit na tsakiya su kasance masu tashi a gwada su, kuma wanda ke gyaran ya san abin da mai reshen yake nufi. A nan ana fitar da faktir ta ƙarya ga masu saye a kowace sa'a, mai aikin kuma ba ya kusa. A irin wannan hali ni nakan fara tsayar da ɓarnar, bincike ya biyo baya a natse.

Ɗan Yantala:
Malam, na gwada kafin in zo nan, c3 da c4 ba sa ma tashi, domin rabin canjin yana cikin ɗaya, rabin yana cikin ɗayan. Na bi shawarar Hajiya, ga inda na tsaya:

```
CONFLICT (content): Merge conflict in facture.py
error: could not revert 9f3c2ab...
```

Komit Y ne ya ƙara layin da ke buga lambar NIF ta mai saye, kuma layin yana manne da na haraji. A cikin fishiyen akwai ɓangare mai alamar `HEAD` da wani mai alamar "parent of 9f3c2ab". Wanne zan ɗauka?

Hajiya Injiniya:
Ba za ka ɗauki ko ɗaya gaba ɗayansa ba. Ɓangaren `HEAD` shi ne yadda fishiyen yake yau, da sabon lissafin haraji mai kuskure da layin NIF mai kyau. Ɗayan kuwa shi ne yadda yake a `4d1e7a0`, da tsohon lissafi mai kyau amma babu layin NIF, tunda ba a rubuta shi ba a lokacin. Abin da kake so shi ne tsohon layin haraji daga ɓangare na biyu, da layin NIF daga na farko. Ka gyara da hannu, ka share alamomin, sannan:

```
git add facture.py
git revert --continue
git diff --stat 4d1e7a0 HEAD
```

Idan a tsakiya ka ga ka rikice, `git revert --abort` zai mayar da kai inda ka fara. Umarni na ƙarshe kuwa awo ne: bambancin da ke tsakanin uwa ta ɗaya da inda kake yanzu bai kamata ya ƙunshi komai ba sai aikin X da Y da Z. Idan ka ga `taxes.py` a jerin alhali babu wanda ya taɓa shi a cikin ukun nan, to wani abu ya saura. Bayan haka ka kunna gwaje-gwajenku duka, domin rashin cin karo a rubutu ba ya nuna cewa kod ɗin zai yi aiki.

Ɗan Yantala:
Maganarki ta ƙarshe ta tabbata nan take. Awon ya fita daidai, amma gwaji ya faɗi da `ModuleNotFoundError`, domin komit Z yana kiran `arrondi_cfa` daga `outils.py`, fishiyen da reshen `tva` ya kawo kuma warwarewar ta share shi. Git bai ce uffan ba a kan wannan, tunda Z bai taɓa fishiyen ba, kiransa kawai yake yi.

Hajiya Injiniya:
Git layuka yake kwatantawa, bai san wane fishiye ne ke dogara da wane ba. Ka duba `outils.py`, idan babu lissafin haraji a cikinsa, ka dawo da shi kaɗai a komit na daban, kada ka cusa shi cikin komit na warwarewa:

```
git restore --source=9f3c2ab outils.py
git add outils.py
git commit
```

Na ce na daban ne domin komit na warwarewa, mu kira shi W, za ku sake warware shi wata rana, kuma zai fi muku sauƙi idan bai ƙunshi komai ba sai kishiyar haɗin.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda shi ne ya fi cin mutane. W ya cire abin da reshen ya rubuta a cikin fishiyoyi, amma bai cire M daga tarihi ba, kuma c1 zuwa c7 suna nan a matsayin kakannin `main` har abada. Duk lokacin da aka ce wa Git ya haɗe reshe, abin da yake fara yi shi ne neman komit na ƙarshe da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa, ya ɗauko abin da ya biyo bayansa kawai. Kafin Alhamis wannan wuri B ne, yanzu kuwa c7 ne. Saboda haka idan mai reshen ya dawo ya buga `git merge tva` a kan `main` bai ƙara komai ba, amsar da zai samu ita ce "Already up to date.", alhali ko layi ɗaya na aikinsa babu a cikin fishiyoyin. Wannan ma da sauƙi, tunda zai ga abin mamaki ya tambaya. Mai haɗarin shi ne ya ƙara komit na gyara, c8, sannan ya haɗe. Git zai kawo c8 kaɗai, ya bar bakwan a waje. In an yi sa'a a samu cin karo irin "CONFLICT (modify/delete)" a tsaya, in ba a yi sa'a ba haɗin ya wuce lami lafiya, a sami gyara a `main` ba tare da abin da aka gyara ba.

Auta:
Hajiya, to idan mai reshen ya fara jawo `main` zuwa cikin `tva` domin ya daidaita su, ko ya yi `git rebase main`, ba zai warware matsalar ba?

Ƴar Dogondutsi:
Kul, Auta, wannan shi ne tarkon da ya fi saurin kama mutum, domin abu ne da kowa ke yi da safe ba tare da tunani ba. Idan ya haɗe `main` cikin `tva`, W zai shigo reshensa, kuma W umarni ne na share aikinsa, don haka zai buɗe edita ya tarar fishiyoyinsa sun koma yadda suke kafin ya fara. `git rebase main` ma ba zai sake ɗora c1 zuwa c7 ba, tunda Git yana ganin suna cikin `main` tuni, sakamakon ɗaya ne. Aikin bai ɓata ba, yana nan a `b82c915`, amma wanda bai san dalili ba hankalinsa zai tashi. Ɗan Yantala, ka bar masa saƙo tun yanzu, ya tarar da shi da zarar ya sami rezo, cewa kada ya taɓa reshen sai kun yi magana.

Hajiya Injiniya:
Haka ne. Hanyar da nake bi ita ce a warware W, amma ba a kan `main` ba, domin yin haka zai dawo da kuskuren ga masu saye har zuwa lokacin da gyaran zai iso. A buɗe sabon reshe daga `main`, a dawo da aikin a can, a gyara a can:

```
git switch -c tva-2 origin/main
git revert <W>
```

Wannan karon ba a bukatar `-m`, domin W komit ne mai uwa ɗaya. Git daga 2.43 zuwa sama yana sa wa irin wannan komit take mai farawa da "Reapply", na gabanin haka kuwa "Revert" biyu ne a jere. Mai yiwuwa layin NIF ya sake kawo cin karo, a warware shi ta akasin yadda aka yi yau. Idan mai reshen ya riga ya yi c8 a tsohon `tva`, sai a buga `git merge tva` a cikin `tva-2`, zai zauna daidai tunda abin da yake gyarawa ya dawo. Amfanin wannan hanya shi ne ba a sake rubuta tarihin kowa ba, kuma ranar da za a duba `tva-2` kafin a haɗe shi, mai dubawa zai ga aikin harajin gaba ɗaya tare da gyaransa, ba gyaran kaɗai ba.

Malam na Tawa:
Hanyar tana aiki, Hajiya, amma akwai abin da take ci. Aikin komit bakwai zai dawo a dunƙule cikin komit ɗaya. Bayan wata shida, idan wani kuskure ya fito daga wannan aiki, `git bisect` zai iya kai ku ga wannan dunƙulen ya tsaya, `git blame` kuma zai nuna sunan wanda ya dawo da layukan da ranar da ya dawo da su, ba wanda ya rubuta su da dalilinsa ba. Ni na fi son a sake gina reshen, kuma wannan ma yana cikin takardar da kika ambata:

```
git switch -c tva-neuf tva
git rebase --no-ff <B>
```

Wannan zai sake ƙirƙirar komit bakwan a kan B da sababbin lambobi, abin da ke cikinsu bai canja ba. Tunda Git bai taɓa ganin waɗannan lambobi a `main` ba, wurin tarayya ya koma B, haɗin zai kawo komai ba tare da an taɓa W ba. Tunda ma an ce c3 da c4 ba sa tashi, dama ce ta a haɗe su su zama ɗaya da `-i`, a kuma gyara kuskuren harajin a cikin komit ɗin da ya haife shi.

Hajiya Injiniya:
Ban ce hanyarku ba daidai ba ce, Malam, kuma a babban aiki mai dogon rai ina iya zaɓarta. Abin da take ci shi ne tarihi zai ƙunshi aikin nan sau biyu da saƙonni iri ɗaya, kuma duk wanda ya tsiro da wani reshe daga tsohon `tva` sai ya ƙaura da aikinsa zuwa sabon. Akwai kuma abin da ake mantawa: idan an warware wani cin karo da hannu a cikin M ranar Alhamis, warware W yana dawo da wannan gyara yadda yake, sake ginawa kuwa sai an maimaita shi daga farko. Ga mutum huɗu da reshe mai komit bakwai, ni dai ina nan a kan tawa.

Malam na Tawa:
Ni ma ina nan a kan tawa, musamman saboda c3 da c4. Amma a bar wa mai reshen ya zaɓa, shi ya san ko akwai wanda ya gina wani abu a kan aikinsa.

Ƴar Dogondutsi:
Akwai abin da ya wuce mu duka a jerin fishiyoyi biyar ɗin nan, wato na cikin `migrations`. Idan an riga an kunna shi a sabar kanti, canjin yana cikin rumbun bayanai, kuma W fishiyen kawai ya share, bai taɓa rumbun ba. Tsohon kod zai tarar da teburin da aka canja masa tsari. In sabon ginshiƙi ne aka ƙara wanda ya yarda a bar shi babu komai, galibi tsohon kod zai yi aikinsa bai kula da shi ba. In kuwa an sa masa `NOT NULL` ba tare da ƙimar farko ba, ko an canja sunan wani tsohon ginshiƙi, ajiye sabuwar faktir zai faɗi, gwajin da ake yi a kan rumbu sabo fil kuma ba zai nuna maka ba. Sannan kayan aikin da ke kula da waɗannan canje-canje yana da teburinsa inda ya rubuta cewa an kunna wannan, ga shi fishiyen ya ɓace, wasu sukan yi ƙorafi a kan haka, wasu su yi shiru.

Ɗan Yantala:
Na duba, an kunna shi tun daren Alhamis. Ginshiƙi ɗaya ya ƙara, `taux_tva`, kuma yana da ƙimar farko ta 19, bai canja sunan komai ba. Na ɗauko kwafin rumbun kanti na gwada `retrait-tva` a kansa, kayan sefa 10,000 sun fita 11,900, layin NIF yana nan, gwaje-gwaje duka sun wuce. Na haɗe shi cikin `main` na tura ta hanyar da aka saba ba tare da `--force` ba, abokan aiki biyu sun jawo ba su ga wata matsala ba, na kuma bar wa mai reshen saƙon da Malama ta ce.

Abin da ban yanke ba shi ne fishiyen `migrations` ɗin. Ina tunanin in dawo da shi a komit na daban kamar yadda na yi wa `outils.py`, domin abin da ke cikin depo ya dace da abin da ke sabar, maimakon in juya canjin a rumbun da ake aiki da shi a tsakiyar rana.

Hajiya Injiniya:
Dawo da fishiyen ya fi juya rumbun aminci, muddin ba ya kiran wani abu daga kod ɗin da aka cire, don haka ka buɗe shi ka karanta layukan `import` da ke samansa kafin ka yi. Wane kayan aiki kuke amfani da shi wajen waɗannan canje-canje, Django ne ko Alembic? Yadda kowannensu yake ɗaukar fishiyen da ya ɓace ya bambanta, kuma matakin da zan ba ka ya dogara da amsar.